Darasi: Alaƙa da Sanadi, Misalin Taba Sigari da Sankarar Huhu

Idan aka ce abubuwa biyu suna da alaƙa, a ilimin ƙididdiga ana nufin suna tafiya tare: inda ɗaya ya yawaita ɗayan ma yakan yawaita, ko kuma yakan ragu. Idan kuwa aka ce ɗaya ne sanadin ɗayan, an faɗi magana mai nauyi fiye da haka. Ana nufin da za a sa hannu a cire na farkon, a bar komai yadda yake, da na biyun ya ragu ko ya ɓace. Ana iya gano alaƙa ta hanyar ƙirga abin da ya riga ya faru. Sanadi kuwa magana ce a kan abin da zai faru da an yi wani abu dabam, kuma babu wanda ya taɓa ganin mutum ɗaya ya rayu sau biyu, sau ɗaya yana shan taba sau ɗaya ba ya sha, balle a gwada rayuwar biyu.

Hanya mafi inganci ta cike wannan giɓi ita ce gwajin ƙuri'a. Sai a tara mutane, a raba su gida biyu ta hanyar jefa ƙuri'a, a ba gida ɗaya magani a hana ɗayan, sannan a jira. Tun da ƙuri'a ce ta yi rabon, ba son ran likita ko na majinyaci ba, gidajen biyu za su yi kusan kunnen doki a shekaru, da arziki, da gado, da duk wani hali, har wanda ba a san da shi ba. Bambancin da ya fito a ƙarshe sai a jingina shi ga maganin. Amma tambayoyi da yawa ba sa karɓar wannan hanya. Ba za a tara samari a jefa ƙuri'a a ce rabinsu su sha kara ashirin kullum har shekara talatin ba. Abin da ya rage shi ne bayanan sa ido, wato bayanan da aka tara ta hanyar lura da abin da mutane suka zaɓa wa kansu. Tarihin taba da sankarar huhu ya nuna yadda irin waɗannan bayanai za su iya kai mutum ga sanadi, da kuma irin aikin da ake sha kafin a kai.

Abin da aka gani a asibitocin Landan

A Ingila da Wales, waɗanda aka rubuta sankarar huhu ta kashe sun tashi daga 612 a shekarar 1922 zuwa 9,287 a 1947. An yi ta zargin abubuwa iri-iri: hayaƙin motoci, ƙurar kwaltar da ake zubawa a tituna, hayaƙin masana'antu, har wasu na cewa ƙwarewar likitoci wajen gano cutar ce kawai ta ƙaru. Richard Doll, likita, da Austin Bradford Hill, masanin ƙididdiga, suka shirya bincike a asibitoci ashirin na Landan, inda aka riƙa yi wa majinyata tambayoyi. Duk mai sankarar huhu sai a nemo masa abokin gwami, wato wani majinyacin mai jinsi ɗaya da shi da shekaru kusan ɗaya, wanda wata cuta dabam ta kwantar. Doll kansa ya fi zargin kwalta da motoci a farko, kuma mashayin taba ne. Ana cikin aikin ya daina.

Sun buga sakamakon a 1950. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, biyu kacal ne ba mashaya ba. Cikin maza 649 na gwami, 27 ne ba mashaya ba. Wanda ya yi wa alkaluman kallon sama-sama zai ce ai kusan kowa mashayi ne a ɓangarorin biyu, kuma gaskiya ne, domin kuwa haka mazan Birtaniya suke a wancan zamani. Sai an yi lissafi bambancin ke fitowa. A ɓangaren masu sankara, mashaya 647 ne a kan biyu, wato kusan 324 a kan kowane mutum ɗaya da ba ya sha. A ɓangaren gwami, 622 ne a kan 27, wato kusan 23 a kan ɗaya. Idan aka raba 324 da 23 za a samu kimanin 14. A shekarar dai, Ernst Wynder da Evarts Graham suka buga irin wannan sakamako a Amurka.

Wannan alaƙa ce mai ƙarfi, amma har yanzu alaƙa ce. Kafin a kira ta sanadi sai an kawar da sauran hanyoyin da za su iya haifar da alkaluma irin waɗannan.

Hanyoyin da alaƙa ke samuwa ba tare da sanadi ba

Ta farko ita ce dace, faɗuwa ta zo daidai da zama. Wannan ita ce mafi sauƙin magancewa, domin lissafi yana nuna yadda zai yi wuya a samu bambanci irin na biyu da 27 ta hanyar dace kawai, kuma maimaita bincike a wasu wurare yana kashe zargin.

Ta biyu ita ce kuskuren zaɓe da na aune. Mutumin da ya san huhunsa ne ya lalace zai iya tuna kowane karan da ya taɓa sha, alhali mai ciwon ciki ya manta da nasa. Mai yin tambayar ma, idan ya san cutar da ke damun wanda ke gabansa, zai iya matsa masa fiye da sauran. Doll da Hill sun sami hanyar duba wannan. Akwai majinyatan da aka yi wa tambayoyi ana zaton sankarar huhu gare su, daga baya bincike ya nuna ba ita ba ce. Da zargin son rai gaskiya ne, da amsoshinsu sun yi kama da na masu sankara, tun da a lokacin hirar an ɗauke su a matsayin masu ita. Sai aka tarar shan tabarsu ya yi daidai da na mutanen gwami. Wannan ɗan ƙaramin dubawa ya fi dogon bayani amfani, kuma irinsa ne ya kamata mai karatu ya riƙa nema a kowane rahoto.

Ta uku ita ce juyewar sanadi, wato cutar ce ke kawo ɗabi'ar. An yi hasashen cewa wataƙila wani ƙaiƙayi a ƙirji, wanda ke zuwa tun kafin sankara ta bayyana, shi ke sa mutum neman taba.

Ta huɗu, wadda ta fi kowacce wahala, ita ce ɓoyayyen dalili: wani abu na uku da ke haifar da abubuwan biyu tare. Misali na ƙirƙira zai nuna yadda yake aiki. A ɗauka akwai maza 10,000, kuma a tsawon rayuwa sankarar huhu tana kama kashi 10 cikin ɗari na mashaya da kashi 1 na waɗanda ba sa sha. A ɗauka 3,000 daga cikinsu suna yawo da ashana a aljihu, 2,400 mashaya, 600 ba mashaya ba. Sauran 7,000 ba sa ɗaukar ashana, 600 mashaya, 6,400 ba mashaya ba. A cikin masu ashana cutar za ta kama 240 da 6, jimla 246, wato kashi 8.2 cikin ɗari. A cikin marasa ashana za ta kama 60 da 64, jimla 124, wato kashi 1.8. Ga shi masu ashana sun ninka marasa ita fiye da sau huɗu da rabi, alhali ashana ba ta yi wa huhun kowa komai ba. Da za a kwashe ashanar duk garin, mutane su koma kunna taba da garwashi, adadin masu cutar ba zai motsa ba.

Maganin wannan shi ne a rarraba mutanen bisa abin da ake zargi, a sake gwadawa a cikin kowane rukuni. A cikin mashaya zalla, masu ashana kashi 10, marasa ashana kashi 10. A cikin waɗanda ba sa sha, kashi 1 da kashi 1. Alaƙar ta ɓace. Duk dabarun lissafi na zamani da ake cewa an daidaita bayanai da su, a asalinsu wannan rarrabawar suke yi. Iyakarsu kuma ɗaya ce: ba a iya rarraba mutane bisa abin da ba a auna ba. Da mai binciken bai tambayi kowa batun taba ba, da babu wani lissafi da zai wanke ashana.

Likitoci dubu arba'in

Don rufe ƙofar mantuwa da ta juyewar sanadi, Doll da Hill suka juya tsarin. Maimakon su fara da marasa lafiya su waiwayi baya, sai suka fara da masu lafiya suka bi su gaba. A watan Oktoba na 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya 'yar gajeriyar tambaya a kan shan tabarsu, kimanin 40,000 suka amsa. An zaɓi likitoci ne domin sunayensu na cikin rajista, ba sa ɓacewa, kuma ana samun labarin mutuwarsu da abin da ya kashe su. Akwai wata riba kuma: sana'arsu ɗaya, iliminsu da samunsu sun yi kusa, saboda haka talauci da irin aiki ba za su zama ɓoyayyen dalili mai ƙarfi a tsakaninsu ba.

A rahoton 1956, mutuwa daga sankarar huhu a cikin kowane maza 100,000 a shekara ta kasance kamar haka: 7 ga waɗanda ba sa sha, 47 ga masu shan giram 1 zuwa 14 na taba a rana, 86 ga masu shan 15 zuwa 24, sannan 166 ga masu shan 25 ko fiye. Kara ɗaya na sigari kusan giram ɗaya ne. An rubuta shan tabar kowa tun yana da ƙoshin lafiya, saboda haka ba za a ce cutar ta gurɓata amsarsa ba. Haɗarin kuma yana hawa daki-daki tare da yawan abin da ake sha, har na sama ya ninka na ƙasa kusan sau 24. Waɗanda suka daina sha, haɗarinsu ya faɗi ƙasa da na waɗanda suka ci gaba. A Amurka, Cuyler Hammond da Daniel Horn sun bi maza kusan 188,000 daga 1952, suka ga abu ɗaya.

Ƙalubalen Fisher da amsar Cornfield

Ronald Fisher, wanda shi ne ya kafa ƙa'idar rabon ƙuri'a a gwaje-gwaje kuma babu masanin ƙididdiga da ya fi shi suna a lokacin, bai gamsu ba. A 1957 da 1958 ya yi ta rubutu yana cewa mai yiwuwa akwai wani abu a ƙwayoyin gado da ke sa mutum sha'awar taba, kuma shi dai ke sa huhunsa saurin kamuwa. Idan haka ne, taba ta zama kamar ashanar misalin baya. Ya kuma kama wani abu a binciken 1950: masu sankara da suka ce suna zuƙar hayaƙin har cikin ƙirji sun ɗan yi ƙasa da na gwami, abin da bai dace da zargin taba ba. Fisher mashayin lofe ne, kuma ya yi wa kamfanonin taba aikin ba da shawara, amma wannan ba ya rushe hujjarsa. Hujja ce ta gaske, kuma tana buƙatar amsa ta gaske, domin babu wanda ya auna ƙwayoyin gadon likitocin.

Amsar ta zo a 1959 daga Jerome Cornfield da abokan aikinsa a Amurka, kuma ita ce zuciyar wannan darasi. Ba su ce babu ɓoyayyen dalili ba, don ba za a iya tabbatar da hakan ba. Tambaya suka yi: idan akwai shi, wane irin girma zai yi kafin ya iya haifar da abin da aka gani? Suka nuna da lissafi cewa idan mashaya sun ninka waɗanda ba sa sha sau tara a haɗari, kuma taba ba ta da laifi ko kaɗan, to dole ɓoyayyen dalilin ya yawaita a cikin mashaya fiye da sau tara bisa yadda yake a cikin sauran. Dole kuma shi kansa ya ninka haɗarin cutar aƙalla sau tara.

Misalin ashana ya nuna dalilin haka. A can, taba ta ninka haɗari sau goma. Mashaya su ne kashi 80 cikin ɗari na masu ashana, amma ba su kai kashi 9 na marasa ita ba, wato bambancin ya haura ninki tara. Duk da wannan ƙarfi ta ɓangarori biyu, alaƙar ƙarya da ta fito ba ta kai ninki biyar ba. Alaƙar ƙarya kullum tana ƙasa da ƙarfin abin da ya haife ta. Saboda haka wanda zai wanke taba daga ninki 24 na manyan mashaya sai ya kawo wani abu da ya fi haka ƙarfi, wanda ke manne da shan taba ƙut-da-ƙut, yake ƙaruwa da yawan karan da ake sha, yake raguwa idan an daina, kuma ya ɓoye wa kowa. Ƙwayoyin gado ba sa sauyawa a cikin al'umma a shekara ashirin da biyar, amma cutar ta ninka sau goma sha biyar a wannan tsakanin. Mata sun fara shan sigari da yawa bayan maza da shekaru masu dama, kuma cutar ta tashi a cikinsu a makare daidai da haka. Daga baya an bi tagwaye masu kama ɗaya a Finland, waɗanda gadonsu ɗaya amma ɗaya yana sha ɗaya ba ya sha, aka ga mashayin ne ya fi riga ɗan'uwansa mutuwa.

Shaida ta zo kuma daga wajen ƙididdiga. A 1953 Wynder da Graham da Adele Croninger sun shafa wa ɓeraye baƙin dankon da ke taruwa daga hayaƙin sigari a fatar bayansu, sankara ta fito wa da yawansu. Ƙungiyar manyan likitocin Landan ta yanke hukunci a 1962, babban likitan gwamnatin Amurka ya biyo baya a 1964. Ba a taɓa raba mutane da ƙuri'a a sa su shan taba ba, amma an kai ga sanadi, kuma hukuncin daidai ne.

Inda bayanan sa ido suka yi ɓatan kai

Irin wannan nasara tana sa a saki jiki, kuma sankarar huhu ɗin dai ta ba da misalin haɗarin hakan. Bincike da dama sun nuna cewa masu yawan cin ganye da karas da 'ya'yan itatuwa, waɗanda jininsu ke da yawan sinadarin bita-karotin, ba su cika kamuwa da cutar ba. Akwai bayani mai ma'ana na yadda sinadarin zai iya kare jiki, kuma Doll kansa yana cikin waɗanda suka rubuta a 1981 cewa abin ya cancanci a gwada. A wannan karon gwajin ƙuri'a mai yiwuwa ne. A Finland aka raba maza mashaya 29,133, wasu ana ba su miligiram 20 na sinadarin kullum, wasu ba a ba su. Sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda aka ba. Wani gwajin a Amurka, wanda ya haɗa sinadarin da bitamin A, an tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa bayan an ga ƙarin kashi 28.

Bambancin wannan da batun taba a fili yake. Alaƙar bita-karotin ƙarama ce, irin wadda ɓoyayyen dalili mai matsakaicin ƙarfi zai iya haifarwa, kuma irin waɗannan dalilai suna nan birjik. Mai kula da abincinsa yakan kula da sauran lafiyarsa, yakan fi samu, kuma ko da mashayi ne yakan sha kaɗan. An daidaita bayanan bisa shan taba, amma daidaitawa da amsar mutum ta "ina shan kamar kara goma" ba ta kwashe duk tasirin taba, kuma abin da ya saura na dalili mai ƙarfi irin wannan ya isa ya ƙirƙiro ƙaramar alaƙa. Shan taba ma da kansa yana rage sinadarin a jini. Yawan binciken da suka yi ittifaƙi bai taimaka ba, domin duk kuskure ɗaya suke maimaitawa.

Abin da ake dubawa kafin a ce sanadi

A 1965 Hill ya gabatar da abubuwa tara da yakan duba, daga ciki akwai ƙarfin alaƙa, da maimaituwarta a wurare da hanyoyi dabam-dabam, da hawan haɗari tare da yawan abin, da dacewa da ilimin jiki. Ya ja kunne cewa ba sharuɗɗa ba ne da za a riƙa cikewa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ɗayansu da ke tabbatar da sanadi shi kaɗai. Wanda ba makawa a cikinsu shi ne lokaci: dole abin da ake zargi ya riga cutar zuwa. Sauran duk hanyoyi ne na amsa tambaya guda, wato ko akwai wani bayani dabam da ya kai na sanadi ƙarfi.

Saboda haka yawan bayanai ba shi ke ba da izinin cewa sanadi ba. Mutum miliyan ɗaya suna kawar da dace ne kawai. Ɓoyayyen dalili da kuskuren zaɓe suna nan yadda suke, sai ma su ƙara samun kamannin tabbas. Izinin yana zuwa ne idan mai bincike ya ambaci abokan takarar bayaninsa da sunansu, ya auna waɗanda za su aunu tun kafin cutar ta bayyana, ya lissafa girman da wanda bai aunu ba zai yi kafin ya share sakamakon, sannan ya kawo shaidu daga hanyoyin da rauninsu ba iri ɗaya ba ne. Binciken asibiti yana da raunin mantuwa, na likitoci ba shi da shi amma yana da raunin gado, na tagwaye ya toshe gado, na ɓeraye kuma ba mutane ba ne amma an sarrafa komai a cikinsa. Zai yi wuya ƙarya ɗaya ta ratsa dukkansu.

Ko an kai ga sanadi, maganar tana da iyaka. Ta shafi jama'a ne, ba mutum ɗaya ba: yawancin mashaya ba sankarar huhu ke kashe su ba, wasu kuma suna kamuwa da ita ba su taɓa sha ba, saboda haka dattijon da ya shekara tamanin yana busa hayaƙi bai ƙaryata komai ba. Alkaluman kuma na mutanen da aka bi ne, da irin tabar da suka sha da shekarun da suka fara. An ci gaba da bin likitocin har shekara hamsin, kuma rahoton 2004 ya nuna cewa waɗanda suka ci gaba da shan sigari sun rasa kimanin shekara goma na rayuwa idan aka gwada su da waɗanda ba su taɓa sha ba. Waɗanda suka daina suna da shekara 60 sun ceto kusan uku daga ciki, masu 50 kusan shida, masu 40 kusan tara, masu 30 kuwa kusan duka goman.